Biyu bisa ɗaya ba shaidar iya biyan bashi ba ce

Duk wanda ya taɓa kai takardun kamfaninsa banki neman rance, ko ya shiga takarar kwangilar da aka nemi rahoton kuɗi na shekara uku, ya san akwai wasu lambobi biyu da ake fara dubawa. A fom ɗin banki da shafukan bayanan hannun jari an rubuta su `current ratio` da `quick ratio`. Na farkon zan riƙa kiransa ma'aunin juyi, na biyun kuma ma'aunin gaggawa. An koya mana a aji, kuma har gobe ana maimaitawa a ofisoshi, cewa kamfani mai lafiya shi ne wanda na farkon ya kai biyu, na biyun ya kai ɗaya. Ra'ayina shi ne a daina mayar da waɗannan lambobi makin cin jarrabawa. Suna faɗin yawan abin da kamfani ke da shi da yawan abin da ake bin sa, amma ba su faɗin ranar da kowanne zai zo. Kamfani kuwa ba a jimlar shekara yake durƙushewa ba, a ranar da mai bin bashi ya tsaya a bakin ƙofa aka duba asusu babu komai yake durƙushewa.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ana tara dukiyar da ke juyawa, wato duk abin da ake sa ran zai koma kuɗi cikin wata goma sha biyu ko cikin zagaye ɗaya na kasuwancin: tsabar kuɗi a hannu da banki, bashin da kamfani ke bin abokan ciniki, kayan da ke sito, da kuɗin da aka biya tun kafin a karɓi kaya ko aiki. Sai a raba jimlar da basussukan da za a biya cikin wannan lokaci: rancen banki na ɗan gajeren zango, kuɗin masu kawo kaya, albashi, haraji, kuɗin wuta. Abin da ya fito shi ne ma'aunin juyi. Ma'aunin gaggawa kuwa sai an cire kayan sito da kuɗin da aka biya gaba, a bar tsabar kuɗi da takardun da za a iya sayarwa nan take da bashin da ake bin mutane, sannan a raba da basussukan nan dai.

Bari mu ɗauki misalin da na tsara da kaina, kamfanin casar shinkafa matsakaici irin waɗanda suka yi yawa a Kano da Jigawa da Kabi. A ranar 31 ga Disamba akanta ya rufe littafi. Akwai naira miliyan 30 a banki. Kamfani na bin mutane miliyan 170. A sito akwai kaya na miliyan 360: shanshera ta miliyan 250, shinkafar da aka riga aka cashe ta miliyan 80, sai buhuna da man dizal da kayan gyaran inji na miliyan 30. An kuma ba wakilai masu sayo shanshera a ƙauyuka kafin alƙalami na miliyan 40. Jimla miliyan 600. Ta ɗaya ɓangaren, banki na bin miliyan 180, masu kawo shanshera na bin miliyan 80, albashi da haraji da wuta miliyan 40. Jimla miliyan 300.

A raba 600 da 300, an sami biyu cif. Ma'aikacin banki zai sa alamar ya yi, mai kamfani ya koma gida da murna. Ma'aunin gaggawa shi ne 30 da 170, wato 200, a raba da 300: 0.67. Nan wanda ya san aikinsa zai ɗan yamutsa fuska, kuma yana da gaskiya, domin wannan lamba ta fi ta farkon faɗin gaskiya. Sai dai ita ma ba ta faɗi rabinta ba.

Mu buɗe miliyan 170 ɗin nan da ake bin mutane. Miliyan 70 na hannun dillalan da aka saba da su, masu ɗaukar tirela su biya cikin wata guda. Ragowar miliyan 100 kuwa kuɗin shinkafar da aka kai wa wata ma'aikatar gwamnati ne wata goma da suka wuce. An sa hannu an karɓi kaya, takardun biya sun cika, fayil na yawo daga wannan tebur zuwa wancan, kullum aka je sai a ce ana jiran a saki kuɗi. A ido na doka bashi ne sahihi, kuma mai yiwuwa a biya shi wata rana. Amma duk ɗan kwangila ya san ba za ka ce wa ma'aikatanka su jira wannan kuɗi kafin su yi cefane ba. Ma'aunin gaggawa ya lissafa shi daidai da kuɗin da ke cikin asusu, naira da naira. In aka fitar da shi, abin da ya rage miliyan 100 ne a kan bashin miliyan 300, wato 0.33. Daga biyu cif mun gangaro zuwa kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an sami ƙarya ko ɗaya a littafin ba.

Yanzu a jera komai bisa kwanan wata, abin da ma'aunan biyu ba sa yi. Masu shanshera an yi da su mako biyu. Albashi da wuta da haraji ƙarshen Janairu. Ke nan cikin kwana talatin ana buƙatar miliyan 120. Abin da ake da tabbacinsa shi ne miliyan 30 na banki da miliyan 70 na dillalai, su ma sai zuwa ƙarshen wata za su shigo, bayan wa'adin masu shanshera ya wuce. Rancen banki na miliyan 180 kuwa ƙarshen Fabrairu zai cika. Za a ce ai ga kaya maƙil a sito. Haka ne, amma shanshera ba kuɗi ba ce sai an turara ta, an busar, an cashe, an zuba a buhu, an sayar, sannan a jira dillali ya biya. In injin yana buƙatar wata huɗu kafin ya cinye shansherar miliyan 250, a ƙara da wata ɗaya na jiran biya, to kuɗin buhun ƙarshe sai watan Mayu, banki kuma Fabrairu yake jira. Kayan gyaran inji da dizal ba na sayarwa ba ne ma sam, ci za a yi. Kafin alƙalamin da aka ba wakilai ba zai dawo a kuɗi ba, shanshera zai dawo, in ya dawo. Zaɓin da ya rage wa mai kamfani shi ne ya karya farashi ya sayar da gaggawa, ko ya je ya roƙi banki ya ɗaga masa ƙafa a kan ƙarin kuɗin ruwa, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, na bankunan kasuwanci kuma sama da haka.

Akwai kuma maganar farashi. Ƙa'idar lissafi ta ce a rubuta kayan sito a kan kuɗin da aka saye su, ko kuɗin da za a iya samu in an sayar, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A ranar rufe littafi ake wannan hukunci, kasuwa kuma ba ta tsaya a ranar ba. Waɗanda suka tara hatsi da tsada a ƙarshen 2024 sun ga yadda farashin masara da shinkafa ya yi ta sauka a 2025, bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani ɗan lokaci. A misalinmu, in shanshera da shinkafa suka zube da kashi 30 cikin ɗari, miliyan 330 ta koma 231. Miliyan 99 ta tafi, bashin kuwa ko kwabo bai ragu ba. Wannan shi ne rashin daidaiton da ke cikin lissafin tun asali: lambar sama, wato dukiya, ƙiyasi ce mai iya motsi, ta ƙasa, wato bashi, alkawari ce da aka sa wa hannu. Idan ma ta ƙasan ta motsa, sama take yi. Kamfanonin da ake bi bashin dala sun ɗanɗana haka bayan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa. Bashin dala dubu 200 da aka rubuta a kan naira 460 miliyan 92 ne, da aka rufe shekara a wajen naira 900 ya zama miliyan 180, alhali kayan da aka sayo da shi suna nan a littafi a kan tsohon kuɗinsu.

Abin da ya fi ba ni haushi da dokar biyu bisa ɗaya shi ne sauƙin yi mata kwalliya, kuma ta hanyar da babu wanda zai kira sata. Mu koma kamfaninmu ranar 30 ga Disamba. Manaja ya kwashe miliyan 30 ɗin da ke banki kakaf ya rage wa masu shanshera bashi. Dukiya ta koma 570, bashi 270, ma'aunin juyi ya hau zuwa 2.11. Lamba ta yi kyau, asusu ya zama wayam. Dalilin lissafi ne kawai: duk lokacin da ma'auni ya haura ɗaya, in ka cire adadi guda daga sama da ƙasa, sai ya ƙara hawa.

In ma'aunin gaggawa ne banki ya sa wa ido, shi ma akwai maganinsa. A kira dillalai a ce kowa ya zo ya ɗauki shinkafa bashi, a biya duk lokacin da aka samu. Shinkafar miliyan 80 ta fita daga sito a kan miliyan 95, ta koma layin bashin da ake bin mutane. Yanzu 30 da 265 sun zama 295, a raba da 300, an sami 0.98, dab da ɗayan da ake nema, har da ribar miliyan 15 a takarda. Ko naira ɗaya ba ta shigo ba. Abin da ya faru kawai shi ne kayan da da suke ƙarƙashin makullinka yanzu suna shagon wani, kuma wataƙila rabinsu su dawo a Fabrairu a ce ba su shiga ba. Hanya ta uku ita ce a lallaɓa banki kafin ƙarshen shekara ya mayar da wa'adin rancen wata goma sha uku. Da ya haura shekara ya fita daga lissafin, sai bashin kusa ya koma 120, ma'aunin juyi ya yi tsalle zuwa biyar. Wannan ta ukun aƙalla tana da amfani na gaske, don an sami numfashi. Amma kamfanin bai ninka lafiyarsa sau biyu da rabi cikin dare ɗaya ba, kuma bashin da za a biya bayan wata goma sha ɗaya da wanda za a biya jibi duk rukuni ɗaya ma'aunin ya sa su.

Yana da kyau a san inda dokar ta samo asali. Bankunan Amurka ne suka fara amfani da ita a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da suka fara neman 'yan kasuwa su kawo rahoton kuɗi kafin a ba su rance. Tunanin mai ba da rance ne: in mutumin nan ya karye aka yi gwanjon kayansa a rabin kuɗi, zan fita? In dukiyarsa ta ninka bashinsa biyu, zan fita. Ke nan tambayar ranar gwanjo ce take amsawa, ba tambayar ko zai biya ni ranar Alhamis ba. Tun a 1919 wani masanin harkar rance, Alexander Wall, ya wallafa bincike a mujallar babban bankin Amurka yana nuna cewa ma'aunai sun bambanta daga sana'a zuwa sana'a da kuma daga yanki zuwa yanki, kuma dogaro da wannan ma'auni shi kaɗai kuskure ne. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, amma har yau muna ba ɗalibai ita kamar karatun allo.

Kuma an ga abin da take haifarwa a zahiri. W. T. Grant na cikin manyan kamfanonin kantuna a Amurka, da rassa sama da dubu, ya faɗi a 1975. Ya yi ta buɗe sababbin rassa yana ba masu saye kaya bashi ba tare da tantancewa sosai ba. Bashin da yake bin mutane ya yi ta kumbura, kayan sito ma haka, kuma duka biyun a saman lissafin suke zama, saboda haka ma'aunan ba su yi ƙara da wuri ba. Daga baya masana biyu, Largay da Stickney, suka bi littattafansa a wani nazari na 1980, suka nuna cewa a mafi yawan shekaru goman da suka gabaci faɗuwar, ainihin kasuwancin cin kuɗi yake yi, ba kawowa ba. Ciwon da ya kashe kamfanin, wato bashin da ba a karɓowa da kayan da ba su fita, shi ne ke ƙara wa ma'aunin ƙiba.

Ta ɗaya gefen kuma dokar na zaluntar masu lafiya. Walmart, wanda ya fi kowane kamfanin kantuna ciniki a duniya, ya shafe shekaru ma'aunin juyinsa na ƙasa da ɗaya, kuma ba wanda ke fargabar zai kasa biya. Yana sayarwa hannu da hannu, kaya ba su daɗewa a kanta, masu kawo masa kaya kuma sai daga baya yake biyansu. Mai gidan burodi ko gidan mai da ke juya kayansa cikin kwanaki kaɗan haka yake. Dubi kuma makaranta mai zaman kanta da ta karɓi kuɗin zango tun kafin a koma, ko kamfanin waya da ya sayar da katin da ba a riga an yi kira da shi ba. A littafi wannan kuɗi bashi ne, yana ƙasan lissafi yana danne ma'auni, amma da karatu da kira za a biya shi, ba da tsabar kuɗi ba. In banki ya ce sai biyu, ya kori waɗannan, ya rungumi mai shinkafarmu.

Na san abin da ma'aikacin banki zai ce, kuma ba maganar banza ba ce. Fayil hamsin ne a gabansa, mafi yawansu na ƙananan kamfanonin da littafinsu ma da ƙyar aka haɗa shi. Yana buƙatar abin tacewa mai sauri, wanda ba ruwansa da sanayya ko ɗan wane ne, wanda in odita ya zo zai iya nuna masa. In aka cire lamba aka ce kowa ya yi amfani da hankalinsa, ƙofar son kai aka buɗe. Na yarda da wannan, shi ya sa ban ce a jefar da ma'aunan ba. Minti biyu ake lissafa su, kuma suna da inda suke aiki. In ka jera na kamfani ɗaya na shekara huɗu ka ga ma'aunin juyi na hawa, na gaggawa na sauka, kaya ne ke taruwa a sito, je ka tambayi dalili. In ka ga duka biyun na hawa amma kuɗin banki na raguwa, bashi ne ba a karɓowa. In ka kwatanta masu casar shinkafa biyu a wata ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu na da ma'ana. A wata ɗaya na ce, domin sana'ar kaka ce: mai shinkafarmu in ya ƙara cin rancen miliyan 300 ya cika sito a Disamba, lissafi ya koma 900 bisa 600, wato 1.5, a watan Agusta kuma da sito ya yi sauƙi aka biya banki sai lambar ta yi sama. Kamfani ɗaya ne, manaja ɗaya, wata ne kawai ya bambanta.

Abin da nake nema a ƙara ba shi da tsada, kuma shi ma lamba ce da odita zai iya dubawa. Takarda biyu ce. Ta farko jerin waɗanda kamfani ke bi bashi, kowanne da shekarun bashinsa: ƙasa da kwana 30, zuwa 60, zuwa 90, da abin da ya haura. Duk abin da ya wuce kwana 90 a fitar da shi daga ma'aunin gaggawa, ko na gwamnati ne, sai dai in an nuna shaidar ranar biya. Manyan kamfanoni da ma ƙa'idar rahoton kuɗi ta duniya, wadda Nijeriya ta fara bi a 2012, ta tilasta musu bayyana irin wannan a bayanan da ke bayan rahoto, shafukan da yawancin masu sayen hannun jari ba sa buɗewa. Ƙananan kuwa ko littafin bashi na shago aka ɗauko za a iya fitar da shi a yini ɗaya. Ta biyu jadawalin mako goma sha uku masu zuwa: kowane mako me zai shigo, me zai fita, me zai rage. A kamfaninmu na shinkafa wannan jadawali zai nuna ja tun a mako na biyu, inda ake neman miliyan 80 ana da 30, sannan ya nuna babban rami a mako na tara. A haɗa da bayanan asusun banki na wata shida, don a ga ko kuɗin da aka nuna ranar 31 ga Disamba ya kwana biyu a wurin ko baƙo ne da ya zo ranar 29 ya koma ranar 3 ga Janairu.

Doka ma ta wannan fuska take kallon abin. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020, wanda ke bin kamfani bashin da ya haura adadin da aka ƙayyade, in ya kai takardar neman biya aka yi mako uku ba a biya shi ba, ana iya ɗaukar kamfanin a matsayin wanda ya gaza biyan basussukansa, har a nemi kotu ta rufe shi. Ɗaya daga cikin masu shansherar nan, wanda aka yi da shi mako biyu, ya isa ya fara wannan shari'a a kan kamfanin da littafinsa ke nuna biyu cif, tun ana sauran mako uku ko huɗu wa'adin banki ya cika.